Adireshin da Yayana Ya Kasa Faɗa

An cire yayana daga cikin masu yi wa babban asibiti aiki saboda ya kasa faɗin adireshin imel ɗinsa a waya. Laifin ke nan gaba ɗaya. Bai saci ko ƙusa ba, kuma a cikin shekara ashirin da wani abu da ya yi yana gyara musu gadaje babu gado ɗaya da ya karye da mara lafiya bayan ya bi ta hannunsa. Yana da in'ina, an kira shi a waya an ce ya karanto wani dogon shirme da wani ya ƙulla masa, harshensa ya sarƙe, aka yi masa dariya aka kashe wayar.

Bari in faɗa muku ko wane ne, tunda waɗanda suka cire shi ba su damu su sani ba.

Mai walda ne. Shagonsa rumfar kwano ce a jikin katangar bayan asibiti, kusa da ƙofar da ake fitar da shara. In ka leƙa za ka ga injin walda da ya girmi wasu likitocin, da giranda mai yankan ƙarfe, da tarin ƙafafun gadaje an jera su gwargwadon tsayi, da tayoyin keken marasa lafiya a rataye a igiya, da baƙin gilashin da ya ɗaure da roba saboda hannunsa ɗaya ya karye tun ina goyon ɗana na fari. A asibitin kowa Mai Gado yake ce masa, daga maigadi har babbar Sista, har ya sa aka rubuta hakan a allon shagon. Ni dai Yaya nake ce masa.

Tun muna yara yake da in'inar nan. Ba kowace magana take kama shi ba. In kalma ta fara da “b” ko “d” ko “g” ko “k” ko “t”, nan yake cijewa, leɓe ya haɗe, jijiyar wuya ta tashi, ido ya rufe, sai ka ce ƙofar da ta kumbura da damina. In ta fara da “m” ko “w” ko “s”, sai ta zubo kamar ruwa. In yana waƙa a bakin aiki kuwa ba za ka taɓa cewa yana da wata matsala ba. Abin da ya fi ba shi wuya a duniya shi ne sunansa na yanka. A aji uku ya bar makaranta saboda malamin da ke sa shi ya tashi ya faɗi sunansa don a yi dariya kafin a fara darasi. Baba ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai walda, ya ce, “Ga shi nan, ƙarfe ba ya tambayar mutum sunansa.”

Ya koyi karatu da rubutu daidai gwargwado, sai ya mai da alli bakinsa na biyu. Kullum akwai guntu a aljihun rigarsa. Abin da ya ƙi fita ta baki sai ya rubuta a bango, ko a ƙasa, ko a jikin gadon da ake magana a kai. Haka ya yi aikinsa duk shekarun nan. Sista za ta aiko masinja, ya ɗauki jakarsa ya shiga ɗakin marasa lafiya, ya girgiza gado, ya durƙusa ya leƙa ƙasansa, ya zana alli a inda ya tsage. Wanda zai gyaru a wurin ya gyara, wanda ba zai gyaru ba a turo masa shago. Ya san gadon da ke yin ƙara a ɗakin haihuwa, ya san keken da ke ja hagu. Da wannan ya yi aure, da shi ya aurar da ni bayan rasuwar Baba, da shi 'ya'yansa suka yi karatun da shi bai samu ba.

Sai aka yi sababbin shugabanni, suka ce an daina aiken masinja. Duk mai yi wa asibiti aiki, mai famfo ne, mai wanki ne, mai walda ne, dole ya kawo adireshin imel, ta nan za a riƙa aiko masa da umarnin aiki. Ban ga laifin wannan ba, zamani ne. Amma ba wanda ya tara mutanen nan ya ce musu ga yadda ake yi. Aka dai liƙa sanarwa a bango aka shige ofis.

Tsallaken ƙofar asibiti akwai wani mai shagon kwamfuta, mai buga takardu da ɗaukar hoto. Kasuwa ta buɗe masa. Ya jera mutane a benci, yana buɗe musu adireshi kamar mai sayar da tikitin mota. Tsohuwar da ke wankin zanen gado, mai jikoki, ya tambaye ta da wane suna za a buɗe, ta ce ya sa duk abin da ya ga dama, ya sa mata “yarkwalisa” da lambobi a baya. Mai famfo ya samu sunan ƙungiyar ƙwallon da mai shagon yake goyon baya. Da wannan sunan ake aiko masa da aikin gyaran masai.

Da aka zo kan Yaya, ya rubuta sunansa a takarda ya miƙa. Mai shago ya buga, na'ura ta ce wani ya riga ya ɗauka. Ya ƙara sunan Baba, da ƙugiyar da ke cikinsa a cire tunda adireshin ba ya karɓar harufanmu masu ƙugiya, ya sa layin nan na ƙasa da suke kira andasko, ya ƙara kalmar Turanci ta mai walda, ita ma ba daidai ya rubuta ta ba. Na'ura ta kawo shawarar lambobi, ya danna kawai: biyu, biyar, biyu, bakwai. Ku duba fa. Mutumin da yanzun nan ya kasa faɗa maka sunansa sai da ya rubuta, ka haɗa masa sunan nasa da na ubansa da lambobi huɗu da duk suka fara da “b”. Ko da gangan aka shirya mugunta iyakarta ke nan.

Wurin da ake sa lambar waya don ranar da aka manta kalmar sirri, mai shago ya sa tasa lambar. Kalmar sirrin ma bai ba shi ba.

“Baba, kai da ƙaramar wayar nan me za ka yi da ita?” in ji shi. “Ka bari a wurina. Saƙo na shigowa zan buga maka a takarda, ka zo ka karɓa.”

Ba taimako ba ne, tarko ne, don kowane saƙo sai ka koma shagonsa ka biya. Yaya ya karɓi guntuwar takardar da aka rubuta masa adireshin, ya kai ofis suka kwafa, ya ninke ta ya sa a bayan katin shaidarsa. Wata da watanni abin yana tafiya. Kullum da safe ya leƙa shagon, in akwai aiki a miƙo masa. Ni ban ma san haka ake ciki ba, don shi ba mai kai ƙara ba ne.

Ana nan sai asibiti ya miƙa rajistar masu aiki ga wani ofishi a can wani gini, ofishin da ba ka ganin kowa sai murya. Suka fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya wai tantancewa. Tambayar da suke gane kai ne da ita: faɗi adireshin imel ɗinka, harafi bayan harafi.

Matarsa tana shagon ranar, ta kawo masa abincin rana, ita ta ba ni labari. Waya ta yi ƙara, ya kashe giranda, ya goge hannu. Muryar wani saurayi ce, da sauri kamar ana korarsa. Yaya ya zaro takardar ya riƙe ta a gabansa. Harafin farko na sunansa ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya buga ƙafa a ƙasa kamar yadda yake yi, ya fito da shi da ƙyar, ya kama na biyu.

“Malam, layin ne ke yankewa ko kai ne?”

“N-ni ne. Yi haƙuri.”

“To mu je, akwai mutane a bayanka.”

Ya ja har ya wuce sunan Baba, gumi yana ɗiga a takardar. Ya zo kan layin ƙasan, bai san sunansa ba, ya ce “sanda a kwance.” Saurayin ya tuntsire da dariya, ta ji shi yana ce wa na kusa da shi, “Zo ka ji wani injin da ya ƙi tashi.” Da aka iso lambobin, biyu ta ƙi fita sam. Matarsa ta karɓe wayar.

“Ɗana, mijina ne, yana da in'ina. Ga takardar a hannuna, bari in karanta maka.”

“Hajiya, doka ta ce mai adireshin ne zai faɗa da bakinsa.”

“To ya turo maka a rubuce ta wayar.”

“Wannan layin ba ya karɓar saƙo.”

Ƙit, ya kashe. Sun sake kira bayan 'yan kwanaki, wata mace ce wannan karon, ba ta yi dariya ba amma ba ta jira ba. Duk wanda ya zauna da mai in'ina ya san tsoro ne abincinta. Wanda aka yi wa dariya jiya, yau ko sallama sai ta gagare shi. Ko rabin sunansa bai kai ba ta ce za su aiko da saƙo ta imel.

Sun aika kuwa. Daga baya muka ji abin da ke ciki a ofishin asibitin: ba a iya tantance shi ba, ya amsa ta wannan adireshin kafin wa'adi ko a cire shi. Saƙon ya faɗa akwatin imel ɗin da makullinsa ke hannun mai shagon kwamfuta, shi kuwa a makon nan ya kwashe komatsansa ya bar unguwar, wai haya ta yi masa tsada. Yaya ya yi ta zuwa yana tarar da kwado a ƙofa. Ya ɗauka in abu ya yi tsanani Sista za ta aiko masinja kamar da. Ba wanda ya zo. Ran nan ya gaji da jira ya ɗauki jakarsa ya nufi ciki, maigadin da suka shekara suna shan shayi tare ya tare shi yana sunkuyar da kai.

“Mai Gado, wallahi ba ni ba ne. An ce katinka ya daina aiki.”

Yana tsaye a wurin wata babbar mota ta fito da gadaje a baya, an ɗaure su da igiya za a kai wani kamfani. Ya gane su ɗaya bayan ɗaya. Ya koma shago ya zauna a kan bokiti, bai kunna inji ba ranar.

Sai da matarsa ta zo gidana ta same ni ina shanya na ji. Na bar kayan a bokiti muka taho. Na same shi yana goge wata tayar da ba ta buƙatar gogewa.

“Yaya, shi ne ba ka faɗa mini ba?”

Ya ɗaga kafaɗa.

“In ya faɗa miki ai da yanzu kin tashi asibitin da masifa,” in ji matarsa. “Dangin miji, ko ba a taɓa ku ba kuna huci.”

“Anti, yau dai ki bar ni. Ina takardar?”

Na karanta abin da ke jiki a bayyane. Ni da bakina lafiya lau sai da na tsaya sau biyu, na ce wannan harafin “l” ne ko lamba ɗaya, wannan layin a ƙasa yake ko a tsakiya. Ina sayar da sabulu da man shafawa a sari, ina aika saƙo ina karɓa, na san wahalar faɗa wa mutum adireshi a cikin hayaniyar kasuwa. Na ce masa wannan ba a gyara shi, sunan da aka buɗe da shi ya zauna ke nan, sabo za mu buɗe. Kuma shi zai zaɓa, da bakinsa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muka zauna a shagon da babbar wayar Anti. Na ce sharaɗi na farko, duk abin da bai fita a numfashi ɗaya ba mun yar da shi. Na ce a ƙa'ida sunan mutum ya fi dacewa, ko sunan sana'arsa, abin da in ma'aikaci ya gani a takarda ba zai yi murmushi ba. Ya girgiza kai tun kafin in rufe baki, ya zana layi da alli a kan sunansa da na rubuta a jikin kwano.

“To a sa ‘angona’,” in ji Anti. “Wannan ai ba ya maƙale masa.”

“Da furfurar tasa?” na ce. “Salon a aiko masa da aikin ɗaurin aure.”

Yaya ya yi dariyar farko tun da na shigo.

Na ce “gyarangado”. Ya gwada, “g” ta riƙe shi a bakin ƙofa, muka share. Na ce “waldaasibiti”. Ya faɗa sumul, amma da Anti ta rubuta sai ta sa “a” ɗaya a tsakiya inda ake son biyu. Duk inda kalma ta ƙare da harafin da ta gaba ta fara da shi, sai ka tsaya bayani, bayanin kuwa shi muke gudu. Ban da haka, na ce in gobe wata makaranta ta kawo masa gadaje fa, ya ce musu shi na asibiti ne? Muka share. Anti ta kawo “ƙarfe”, na ce ƙugiyar za ta faɗi a hanya, a bar mu da tambayar da wane harafi aka rubuta.

Shi da kansa ya nuna allon shagon da yatsa. “Mai Gado,” ya ce, ba ko tangarɗa.

Muka buga “maigado”. An ɗauka. Na'ura ta miƙo mana shi da jelar lambobi. Anti ta ce a sa shekarar haihuwarsa mana, ai ba zai manta ba. Na ce a'a. Na ɗaya, lamba a waya fitina ce, sai an tambaye ka da harufa aka rubuta ko da alƙaluma. Na biyu, me ya sa duk wanda ya karɓi adireshinsa zai san shekarunsa? Ta ce to a sa ɗigo ko ɗan layi a raba kalmomin ya yi kyau. Yaya ya ɗaga hannu ya ce, “Sanda a kwance,” ya yi alamar yanka a wuya. Muka kwashe da dariya har mai shayin gefe ya leƙo.

Ya ɗauki alli ya rubuta a ƙasa da manyan harufa: MAIGADOWALDA. Ya dube ni ya tambaya ko dole sai ƙanana. Na ce babba da ƙarami duk ɗaya ne a wurin na'urar, kada ya ɓata numfashinsa a kan wannan. Ya faɗa sau ɗaya, ya sake, ya sake. “G” da “d” suna tsakiyar kalma, muryarsa ta riga ta ɗauki gudu kafin ta iso su, sai ta wuce ta kansu. Muka buga. Ba wanda ya ɗauka.

Ban yarda mun gama ba sai da muka gwada a waya. Na tura Anti bakin titi da biro, na kunna giranda a bayansa, ya kira ta ya faɗa. Ta dawo da shi a tafin hannunta daidai. Ya kira surukarsa, wadda kunnenta ɗaya ya yi nauyi, ta maimaita masa daidai, ta ƙara da tambayar ko sabon shago ya buɗe. Ya kira mai famfo, shi ma ya rubuta daidai, ya ce don Allah in an gama a zo a raba shi da ƙungiyar ƙwallon nan da ko son ta ba ya yi. Wutsiyar da ke bin bayan alamar @ kuwa ta kamfanin da kowa ya sani ce, ana fara ta ake ƙarasa maka. Muka sa lambar wayarsa shi kansa a wurin da mai shago ya sa tasa. Kalmar sirri shi ya zaɓa, ya buga da yatsansa, ni ma ban gani ba.

Washegari ya sa rigarsa mai kyau muka tafi ofishin kula da masu aiki da ke cikin asibitin, da katin shaidarsa da tsofaffin takardun aikin da ya yi musu. Taga ce da gilashi, da 'yar kafa a ƙasa, da wani ma'aikaci a ciki yana cin gyaɗa daga aljihun tebur. Ya san Yaya sarai. Kujerar da yake zaune a kai ma akwai ɗinkin waldar Yaya a ƙafarta.

Na yi bayani. Ya juya kwamfuta ya duba, ya karanto tsohon adireshin yana yamutsa fuska.

“Kai, Mai Gado, wa ya aike ka da wannan? Wannan ai lambar injin mota ce.”

“Ku kuka aike shi,” na ce. “Ga sabo mun kawo.”

Ban shirya da Yaya zai yi magana ba. Sai ya matso ya sa bakinsa kusa da kafar, da mutane a bayanmu a layi, ya ce, “Maigadowalda.” Ya faɗi wutsiyar ma har ƙarshe. Muryar ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

“Ka ga wannan ya yi,” in ji ma'aikacin. “Da tun farko haka ka yi. Sai dai ba ni da inda zan sa shi.”

“Kamar yaya ba ka da inda za ka sa shi?”

“Daga nan ba ma canjawa, Hajiya. Sai ya aika buƙatar canji daga tsohon adireshin, don a tabbatar shi ne.”

“Ga shi a gabanka! Ga fuskarsa, ga katinsa. Wa kake so ya tabbatar maka?”

“Ni na san shi ne. Tsarin ne bai sani ba.”

“Tsohon adireshin yana hannun wanda ya gudu.”

“Sai ku danna ‘na manta kalmar sirri’.”

Mun danna, a gabansa. Na'ura ta ce ta aika lambar tabbatarwa zuwa wayar da ta ƙare da wasu alƙaluma biyu, na mai shagon kwamfuta. Muka kira layin nasa, a kashe. Har yau a kashe yake.

“To ya sake rajista da sabon,” na ce.

“Ba zai yiwu ba, lambar katinsa tana jikin tsohon. Mutum ɗaya, rajista ɗaya.”

“Ko ku kira shi a waya yanzu ya faɗi sabon.”

“Masu kira tsohon za su tambaya, shi ne a rubuce.”

Na nemi ganin shugaban ofishin, aka ce yana taro. Mun koma, yana taro. Na rubuta takarda na kai, aka ce ba sa karɓar takarda, in turo ta imel. Na tura daga sabon adireshin, amsa ta dawo nan take, ta na'ura, cewa ba su san wannan adireshin ba, a yi amfani da wanda aka yi rajista da shi. Babbar Sista ta sa baki da kanta, aka ce mata ba hurumin masu jinya ba ne. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Yanzu yana shagonsa yana ɗinke ƙofar wannan, yana gyara baron wancan, abin da ya samu. Mutumin da hannunsa ya saba da aikin da ake kwantar da mai ciwo a kai. Ƙafafun gadajen suna nan a jere, ya ƙi sayar wa masu gwangwan. Kowace safiya kafin ya fita sai ya ce Anti ta duba masa akwatin. Ba ya zagin kowa. Ni ce mai zagin, kuma ban gaji ba.

Mai shagon kwamfuta, duk inda ka koma ka buɗe sabon benci, ka kunna wayarka ka ba mutane makullan akwatunansu. Kai da ire-irenka, in talaka ya zauna a gabanku, ku sa shi ya faɗi adireshin da bakinsa kafin ku danna, ku sa lambarsa ba taku ba. Amma ba zan bar jaki in daki taiki ba. Shi ɗan kasuwa ne ya ga ɓaraka ya shiga. Ku shugabannin asibiti ku kuka buɗe ɓarakar. Kun tilasta wa mutane abin da ba ku koya musu ba, kun ɗora tantancewa a kan harshe a gidan da kullum kuke ganin kurame da masu shanyewar baki, kun ɗauki yaran da ke dariyar nakasar mutum kun ba su ikon yanke masa abinci.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba. Shugaban ofishin kula da masu aiki ya fito daga taron nan ya karɓi yayana ido da ido, ya duba katinsa, ya goge tsohon adireshin da hannunsa ya sa sabon. A mayar da sunansa cikin masu aiki, a buɗe masa katin shiga. A nemo saurayin da ya yi masa dariya, tunda kun ce kuna naɗar duk kiran da kuke yi, ya zo shagon ya ba shi haƙuri a gaban matarsa. Kuma daga yau duk wanda bakinsa ko kunnensa ba zai iya da wayarku ba, ku ba shi hanyar da zai rubuta ko ya zo da ƙafarsa. Adireshin yana wurinku, na turo muku shi ya fi a ƙirga. Ku aiko masa da aikinsa.